Yadda za ki yi wa maigida maganar shaƙuwarsa da wata mace ba tare da gida ya rikice ba

A ce shekararku shida da aure, da 'ya'ya biyu. Maigida ma'aikaci ne, kuma akwai wata da suke ofis ɗaya. Kin san sunanta tun tuni, har ta zo sunan ɗanku na biyu da turmin atamfa da sabulai. Da yake hanyarsu ɗaya, yakan rage mata hanya in an tashi aiki. A da ba ki taɓa kawo komai a ranki ba. Amma 'yan watannin nan sunanta ya fara haskawa a wayarsa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in ta kira sai ya miƙe ya fita tsakar gida, wayar da a da yake jefarwa a kan kujera yanzu kife take, ko banɗaki da ita yake shiga. Ba ki kama shi da komai ba, amma barci ya fara yi miki wuya.

A irin wannan hali mata kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wata ta haɗiye, ta yi ta kumburi tana gaba da shi bai san laifinsa ba. Wata kuma ta tara ta tara, ranar da ta fashe sai an kira maƙwabta. Akwai hanya tsakanin biyun, kuma mataki-mataki ake binta.

Mataki na farko: ki ware abin da kika gani da abin da aka faɗa miki da abin da kika zata

Ki ba kanki mako biyu kafin ki ce komai. Mako biyu ya ishi mutum ya gane ko abu ya zama ɗabi'a ne ko wani aiki ne ya taso a ofis ya wuce. Ƙarshen wata a sashen kuɗi, lokacin jarrabawa a makaranta, ko makon kwana a asibiti duk suna sa waya ta yi ta ƙara da dare ba tare da wani abu a ƙasa ba.

A cikin kwanakin nan ki riƙa jefa duk abin da ya dame ki cikin kwando uku. Na farko, abin da idonki ya gani ko kunnenki ya ji kai tsaye: “Ranar Talata ta kira bayan sallar isha'i, ya fita waje ya yi kusan rabin awa.” Na biyu, abin da wani ya kawo miki: “An gan su a wajen mai tsire.” Na uku, abin da zuciyarki ta ɗora a kai: “Lallai sonta yake.” Kwando na farko kaɗai za ki shiga da shi wurin magana. Na biyu yana buƙatar tantancewa, domin aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni a binciki labarin da fasiƙi ya zo da shi kafin a cutar da mutane cikin jahilci, kuma mai kawo miki labarin mijinki ba kullum don Allah yake yi ba. Na uku kuwa shi ne zaton da aya ta 12 a wannan sura ta ce a nisanci da yawa daga cikinsa.

Kada ki tsani kanki don kin ji kishi. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito cewa akwai kishin da Allah yake so da wanda yake ƙi: wanda yake so shi ne kishi a inda akwai abin shakka, wanda yake ƙi shi ne kishi ba tare da abin shakka ba. Aikin makonni biyun nan ke nan, ki gane wanne ne naki. Ki kuma tambayi kanki tsakani da Allah ko akwai abin da ya ƙara wa zuciyarki rauni a wannan lokaci: jego, laulayin ciki, an yi wa ƙawarki kishiya kwanan nan, ko tsohon ciwon da wani ya bar miki. Waɗannan ba sa soke abin da kika gani, amma suna ƙara masa girma a ido.

Mataki na biyu: ki auna shi da ma'auni huɗu

Kyawunta, iliminta ko yawan albashinta ba ma'auni ba ne. Nan ne mata da yawa ke ɓata lokaci, su yi ta duba hotunanta suna kwatanta kansu da ita. Halin maigida ake aunawa.

Ma'auni na farko ɓoyo, kuma shi ya fi sauran nauyi. Mu'amalar da ba ta da komai ba ta gudun haske. Mutumin da hirarsa ta aiki ce zai ɗaga waya a gabanki, ya ce “Wance ce, a kan takardun gobe,” ya gama ya ajiye. In ya fara goge hira, ya sauya sunanta a waya zuwa sunan namiji, ya kulle hirarsu ita kaɗai a WhatsApp, ko ya ce miki yana wajen bakanike alhali gidansu ya kai ta, to ko da babu abin da ya faru tsakaninsu, shi da kansa ya san akwai abin da ba zai so ki gani ba. Sai dai a lura: wasu mazan na ɓoyewa don gudun fitina, musamman in an taɓa yi musu tashin hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan ma dalili ne na zama a yi magana, amma ba hujjar cin amana ba ce.

Na biyu, sirrin gida. In kin gane ta san kun yi saɓani, ta san nawa yake ba ki kuɗin cefane, ko ita ta fara jin labarin ƙarin girmansa kafin ke, to an ɗauki wani abu da yake naki an kai waje. Shaƙuwar da ke rusa aure yawanci ta wannan ƙofa take shigowa: ya kai mata ƙorafi, ta tausaya masa, gobe ya ƙara, har ta zama ita ce wurin hutawarsa, ke kuma wurin lissafin kuɗin makaranta.

Na uku, abin da aka rage miki. Hirar dare da kuka saba ta koma shi da waya? Ya ce babu kuɗin gas, sai ga shi ya yi mata gudummawar biki mai kauri? Ki kwatanta yau da wata shida baya.

Na huɗu, keɓewa. Zama a ofis ɗaya cikin jama'a daban, tafiyar minti arba'in su biyu a mota kullum daban. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito a fili yake: namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu. Kalmar “ai ƙanwata ce” ba ta sauya hukunci. 'Yar kawu, 'yar gwaggo, 'yar maƙwabta da aka tashi tare, duk akwai aure tsakaninsu da shi, kuma auren zumunci ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ga yadda za ki yanke. In babu ko ɗaya cikin huɗun, gaisuwa ce da aiki da mutunci, to ki bar maganar, ki nemi ƙarin lokaci da mijinki kawai. Annabi (SAW) da kansa yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, don haka kyautatawa a fili ba laifi ba ce. In akwai ɗaya kuma ya maimaitu sau biyu ko uku a cikin makonnin, ya cancanci a zauna. In ƙarya ce ƙarara kika kama, sau ɗaya ya isa, ba sai kin jira mako biyu ba. In kuma babu ko ɗaya amma damuwar ta hana ki ci da barci har wata guda, nan ma ki yi magana, sai dai maganar ta zama ta neman kwantar da hankali: “Raina ne ba ya kwance, ka taimaka mini.”

A misalinmu, ɓoyo ya bayyana, keɓewa ma haka. Magana ta wajaba.

Mataki na uku: abu biyu da za ki kame hannunki daga gare su

Kada ki buɗe wayarsa a ɓoye. Ayar da ta hana zato ita ce ta hana leƙen asiri. Ban da haka, dabara ce da ke juyowa kan mai ita. In ba ki ga komai ba, za ki ce ya goge ne, gobe ki sake dubawa. In kin ga wani abu, ranar da kika ɗaga maganar zai bar laifinsa ya kama naki: “Wa ya ba ki izinin taɓa mini waya?” Daga nan shari'ar ta koma kanki, shi kuma ya sauya lambar sirri ya ƙara iya ɓoyo. Rubutacciyar hira ma tana yaudara, domin ba a jin murya a cikinta, kalma ɗaya ta raha za ta iya hana ki barci mako guda.

Kada kuma ki kira ta, ko ki tura mata saƙo, ko ki aika ƙawarki ta ja mata kunne, balle habaici a status. Ba ita ta ɗauki alƙawarin aurenki ba. In babu komai tsakaninsu, kin zubar da mutuncinki da nasa a wurin aikinsa. In akwai, kin ba su abin da zai haɗa kansu, ita ta zama wadda aka zalunta, shi mai lallashi. Sau da yawa irin wannan kiran ne ke mai da abin da bai wuce hira ba ya koma maganar aure, don namiji ya nuna ba a juya shi.

Mataki na huɗu: ki san abin da za ki roƙa kafin ki buɗe baki

Maganar da ba ta da buƙata a ƙarshenta ƙorafi ce, zai saurara ya ce “To, na ji,” a tashi ba abin da ya sauya. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a iya yi, a kuma gani an yi. “Ka rabu da ita” ba ya aiwatuwa ga mutanen da teburinsu ke kallon juna, kuma in kin tilasta shi ya ce to, kin koya masa ƙarya ne. Abin da ke yiwuwa shi ne irin wannan: hirar da ba ta gaggawa ba ta tsaya daga sallar isha'i, in ta kira yana gida ya ɗaga a inda yake zaune, rage hanya ya zama da mutum na uku a motar ko a bar shi sai da larura, maganar cikin gidanku kada ta wuce ƙofa. A misalinmu, na biyu da na uku su ne daidai da abin da kika gani. Ki ajiye sauran.

Mataki na biyar: lokaci da wuri

Ki bari ya ci abinci, ya yi sallah, yara sun yi barci. Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada ki yi daidai lokacin da wayar ke ƙara, domin a lokacin zuciyarki ce za ta yi magana. Ba a gaban yara ba, ba a gaban 'yar aiki ko ƙanin miji ba, ba kuma ta saƙon murya yana ofis ba. Shimfiɗa ma ba wurin wannan magana ba ce, kada ya ɗauka ciniki ake da haƙƙinsa. In kuna da abokiyar zama, ki yi a ranar girkinki, a ɗakinki, kuma kada ki jawo ta ciki don ku haɗa ƙarfi.

Ki sanar da shi tun da rana: “Abban yara, in ka huta da daddare ina so mu ɗan yi magana, ba wani tashin hankali ba ne.” Namijin da aka yi wa kwanton ɓauna kare kansa kawai yake yi. Ki yi niyyar minti goma sha biyar zuwa ashirin. In kin ji murya ta fara rawa ko hawa, ki bi abin da sunna ta koyar game da fushi: ki nemi tsari daga Shaiɗan, in a tsaye kike ki zauna, ko ki tashi ki yi alwala. Cewa “Mu ƙarasa gobe” ba faɗuwa ba ce.

Mataki na shida: kalmomin kansu

Tsarin gaɓa huɗu ne: matsayinki, abin da kika gani, abin da ya haifar miki, abin da kike roƙo. Ga yadda zai iya fita:

“Abban yara, ba zarginka nake da wani abu ba, kuma ba na so in riƙe ka a zuciya ba ka sani ba. Sau uku a makon nan Wance ta kira da dare ka fita waje kafin ka ɗaga. A da a gabana kake amsa kiranta. Tun da na lura da haka hankalina bai kwanta ba. Ina so ka gaya mini yadda abin yake, kuma ina roƙonka, in ta kira kana gida ka amsa a nan inda muke.”

Daga nan ki yi shiru. Wannan shirun ya fi komai wuya, kuma a nan ake yawan ɓata aiki: mace ta ga ya yi jim, sai ta cike gurbin da laifin bara da na bariya. Ki bar shi ya yi magana har ya kai aya. Ki ambaci matar da sunanta yadda aka saba, ban da “waccan karuwar” ko “budurwar taka,” domin da zarar kin zage ta kin sa shi a matsayin mai kare ta. Ki guji “kullum” da “ba ka taɓa,” zai kawo rana ɗaya da ba haka ba ya rushe zancen.

Kalmomi biyu kada su fito ko da wasa: “Ka zaɓa, ko ni ko ita,” da “In ba za ka bari ba ka sake ni.” Magana zarar bunu ce, kuma saki a bakin namiji yake. Igiyoyi da yawa sun tsinke a daren da ba wanda ya kwana da niyyar rabuwa, sai da safe a shiga neman malamin da zai duba ko akwai gyara.

In ya ce “Wato ba ki yarda da ni ba ke nan,” kada ki shiga rantse-rantse. Ki ce, “Da ban yarda da kai ba, da ba kai zan tambaya ba.” In ya ce shi ba ya yi wa kowa bayani, akwai abin tunatarwa mai kyau a Bukhari da Muslim: Annabi (SAW) yana i'itikafi, matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya taso yana raka ta, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri. Ya ce musu su dakata, Safiyya ce 'yar Huyayyu, ya kuma bayyana cewa Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, ya ji tsoron kada ya jefa musu wani abu a zuciya. Wanda ya fi kowa tsarki bai ga ƙasƙanci a kawar da shakka ba. Ki faɗe shi da taushi, sau ɗaya, kada ya zama wa'azi.

Mataki na bakwai: ki karanta amsar, sannan ki ba shi wata guda

Amsa mai kyau ba lallai ta zo da fara'a ba. Yana iya ɓata rai, ya ce bai zaci abin ya dame ki haka ba, sannan ya yi bayani da ke da kai da gindi: mijinta ba shi da lafiya, ko wani aiki ne aka ɗora musu su biyu. In ya karɓi roƙonki ko ya kawo wani tsari makamancinsa, ki yi godiya ki rufe maganar. Kada ki riƙa tayar da ita kowace safiya, kada ki tsaya masa a kai duk lokacin da waya ta yi ƙara. Mutumin da ya gyara aka ci gaba da tuhumarsa yakan ga gyaran bai da amfani.

Amsa mai nuna matsala ita ce wadda ta bar tambayar ta koma kanki: “Ke dai ba ki da lafiya,” “Kishi zai kashe ki,” ko ya musanta abin da kika gani da idonki, ko ya hukunta ki da gaba da ƙin cin abincinki na kwanaki. Haka in ya amsa da baki amma bayan mako biyu kika ga ɓoyon ya ƙaru. Abin da za ki duba cikin watan shi ne aikin, ko kiran dare ya ragu, ko wayar ta dawo kan kujera.

Akwai amsa ta uku da dole ki shirya mata tun kafin ki zauna: ya ce aurenta yake so. Za ta yi zafi, kuma ba wanda zai ce kada ki yi kuka. Amma kada ki yanke komai a daren. Ki ce kin ji, kina buƙatar kwana biyu. Maganar ta tashi daga ta abota ta koma wata daban: in da gaske yake, ya bi ta ƙofar iyayenta, a daina hirar dare da yawo a mota, a kuma zauna a kan haƙƙinki na muhalli, kwana da ciyarwa. In kuwa matar aure ce, babu wata ƙofa, kuma wannan ya wuce abin da za ki riƙe ke kaɗai.

Yaushe ake sa mutum na uku

In kun zauna sau biyu a tsakanin wata guda ba abin da ya motsa, ko ƙarya ta maimaitu, sai a nemi wanda yake jin nauyinsa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da tsarin: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, kamar babban yayansa, waliyyinki ko malamin da yake girmamawa. Ga ma'aurata Kirista, fasto ko dattijon coci. Ki guji fara kai ƙara wurin mahaifiyarki ko zauren ƙawaye, domin ke za ki yafe ku shirya, su ba za su manta ba. Ki kuma gaya masa kafin ki je: “Na yi maka magana sau biyu, ina so Yaya ya zauna da mu.” In mutum ne mai duka ko barazana, kada ki yi wannan magana ku biyu a ɗaki tun farko, ki fara da waliyyinki.

In kai ne mijin

Matakan ba su sauya ba, sai dai nauyin harshenka ya fi nata. Matarka malamar asibiti ce ko ta makaranta, ko tana kasuwanci a waya, dole ta yi hulɗa da maza. Ka auna da ma'aunan nan huɗu, ka faɗi abin da ka gani, ka roƙi abu takamaimai, misali abokin karatunta ya daina kira bayan magariba. Kada ka fara da ƙwace waya ko hana ta aiki, domin tsoro ba ya haifar da gaskiya, ɓoyo yake koyarwa. Ka kiyayi jifanta da kalmar alfasha: aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya yi wa mace mai kamun kai ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, kuma ko tsakanin miji da mata hanyar da shari'a ta bari ita ce li'ani a gaban alƙali, wanda ke raba auren. Kafin ka zauna da ita, ka buɗe taka wayar ka duba ko akwai hirar da ba za ka so ta karanta ba, domin wanzami ba ya son jarfa, kuma abu na farko da za ta tambaye ka ke nan.